Agwagi Arba'in da Ɗaya

"Ba ni na rubuta ba, Gwaggo."

"Sunan wa ke kai?"

"Nawa."

"Hoton wa ke kai?"

"Nawa ne, amma..."

"To aljani ne ya ari wayarka?"

Maliki ya sunkuyar da kai. Yana tsugune a bakin tabarma, hularsa a gwiwa. Gwaggo Rahamatu, ƙanwar mahaifinsa, tana zaune da kofin kunu a gabanta, ba ta ko taɓa shi ba. Idonta ya yi ja. Da gani ta yi kuka, kuma kukan ba na yau kaɗai ba ne.

Bas ɗin da Maliki ke ja tata ce. Shanu takwas na gadonta ta sayar ta saye ta. Shekara shida ke nan yana lodi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, wani lokaci har Basirka. Da ita yake ci, shi da matarsa Hapsatu da 'ya'ya biyu. Ba shi da wata sana'a. Yau da safe ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba, aka ce masa lodin yau ne na ƙarshe.

"Ruƙayyatu," in ji Gwaggo. "Zo ki sake karanta masa. Wataƙila ya manta abin da ya ce."

'Yarta ta fito daga ɗaki da waya a hannu. Ba ta kalli Maliki ba. Abin ya riga ya goge daga sitatus ɗinsa tun jiya, kwana ɗaya yake yi, amma ita ta ɗauki hotonsa ta ajiye. Ta karanta da ƙaramar murya:

"Jama'a, yau na yanke shawara. Bayan shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, na ajiye. Ba wanda ya kore ni, ban yi faɗa da kowa ba. Ranar Talata da misalin ƙarfe huɗu da minti bakwai wata agwagwa ta tsaya a gabana. Ta kalle ni, na kalle ta, na gane na ɓata rayuwata. Na sayi agwagi arba'in da ɗaya. Zan koma ƙauye. Kar a kira ni, agwagi ba sa son ƙarar waya. Duk wanda na ɓata wa ya yafe mini."

"Ka ji," in ji Gwaggo.

"Wasa ne. A guruf ɗin tasha na gani, na kwafa na sa. Kowa ma sawa yake. Gwaggo, agwagwa fa. Wa zai bar mota saboda agwagwa?"

"Kakanka. Shekara talatin yana bin shanu. Rana ɗaya wata karsana ta kwanta a mashaya ta ƙi tashi. Ya dube ta, ya dube ta, ya ce ya gama. Ya jingine sanda ya kama garma a Farin Dutse. Wa ya yi masa dariya? Jininku ne. Ba a sanin abin da ke cikinku sai kun aikata."

"Ni ban aikata komai ba."

"Ka nemi yafiya a gaban duniya. Mutum ba ya cewa a yafe masa sai zai yi tafiya ko zai bar wuri. Ni kuwa na yafe. Madubin da ka fasa ka saka na gwanjo, na yafe. Awakin da ka ɗauko daga Basirka ka bar mini mota tana wari kwana uku, na yafe."

Maliki ya ɗago kai. "Kin san da maganar madubin?"

"Tun ranar."

Ta ce ta riga ta kira yayanta Baffa Manu a Farin Dutse ta faɗa masa ɗansu zai dawo gida. Ta kira Haladu, wani direba a tashar Gwaram da ya daɗe ba shi da mota, ta ce ya jira ta kafin azahar. Da kanta za ta je. Maliki ya tuƙa su, in sun isa ya zare makulli ya ba ta.

"Na ba Haladu magana," in ji ta. "Ni ba na kwafo maganata a wurin kowa."

Ta shiga ɗaki ɗaukar mayafi.

Maliki ya juya ga Ruƙayyatu. Taubasai ne, shi ɗan namiji ita 'yar mace, tun suna yara ba sa haɗuwa ba tsokana. Yau ba ta tsokane shi ba.

"Ke baiwa. Ke kika karanta mata."

"Yi a hankali, za ta ji."

"Kin san wasa ne."

"Na sani. So na yi ta kira ka ta zage ka, in yi dariya, shi ke nan. Na karanta mata ban yi ko murmushi ba. Ina kai wa wurin yafiyar sai ta fashe da kuka. Kafin in buɗe baki ta kira Baffa. Kai da ka ji Baffa yana hamdala a waya, za ka iya cewa ƙarya ne?"

"To faɗa mata yanzu."

"In na ce wasa ne, cewa za ta yi rufa maka asiri nake. Inna ba a faɗa mata abu. Sai ta gani."

"Nuna mata mana."

"Ka sa mini data."

Ya dube ta. Ya sa mata.

A tasha kamasho ya riga ya cika motar, saura kujeru biyu na gaba. Gwaggo ta zauna a bakin taga, Ruƙayyatu a tsakiya. A baya akwai mata uku da buhun zoɓo, wani malamin firamare mai jaka a cinya, 'yan mata biyu masu komawa makarantar kwana, da wani tsoho daga Sundimina da ya riƙe sabuwar fartanya kamar za a ƙwace masa. Maliki ya yi bismilla ya tayar. Sitiyarin ya ji masa nauyi. Ya san kowane rami na hanyar nan. Ya tuna cewa gobe wani ne zai kauce musu.

Sun fita gari kafin Ruƙayyatu ta yi magana.

"Inna, shekara nawa da sayen motar nan?"

"Shida da sallar layya."

"Kafin nan me ubangidan nawa na ƙarya yake yi?"

"Zaman banza."

"Gwaggo," in ji Maliki.

"To a rubutun cewa aka yi shekara goma sha ɗaya."

"Mai baƙin ciki ba ya lissafi."

"Ranar Talata da la'asar fa? Ba a gidanmu yake ba, yana cinye mana ɗanwake?"

Gwaggo ta kau da kai. "Wataƙila wata Talatar ce."

"Wace sana'a aka ce an ajiye? An ce tuƙi? An ambaci mota, ko tasha, ko ke? Wane ƙauye za a koma? Shi da ba ya iya magana uku bai ce Farin Dutse ba. Inna, rigar nan ba a jikinsa aka auna ta ba. An ɗinka ta ne yadda za ta shiga kowa."

"Ke dai kare shi kike."

Ruƙayyatu ta ɗaga wayar sama tana neman sabis. Babu. Suka wuce gonakin riɗi, suka wuce wasu duwatsu. Maliki ya rage gudu ba tare da dalili ba. Tsohon Sundimina ya tambaya ko mai ne ya ƙare.

Da sabis ya dawo ta buɗe Fesbuk. Maliki yana kallon hanya, yana satar kallon hannunta. Ba ta rubuta farkon maganar ba. Ta ce "na yanke shawara" kowa na iya faɗa, in ka nemi wannan sai ka samu rabin duniya. Layin da ba mai hankalin da zai rubuta da kansa ake nema. Ta rubuta "agwagi ba sa son ƙarar waya" a wurin bincike, ta danna.

Ta yi dariya, ta toshe baki.

"Inna, duba. Wannan tela ne a Funtuwa, ga kekensa a hoto. Shi ma ya ajiye."

Gwaggo ba ta karanta boko, amma tana ganin hoto. Ta karkato.

"Allah sarki. Shi kuma me ya same shi?"

Ruƙayyatu ta karanta. Shekara goma sha ɗaya. Talata. Huɗu da minti bakwai. Arba'in da ɗaya.

"Wannan kuma malamar asibiti ce a Damagaram. Wannan mai aski ne a Gombe. Wannan ɗan sakandare ne, ko gemu bai fito masa ba, shi ma shekara goma sha ɗaya yana sana'a. Wannan a ƙarƙashin labarin ƙwallo ya manna, an ci ƙungiyarsa uku. Wannan tun wata takwas da suka wuce ya sa nasa, kuma ba lallai shi ne na farko ba."

"Duk Talata?"

"Duk Talata."

"Duk agwagwa?"

"Ko ɗaya bai ce kaza ba."

Gwaggo ta koma ta jingina.

"To ko annoba ce," in ji ta.

Maliki ya kusa faɗawa rami.

"Kar ka kashe mu kafin ka miƙa makulli. Ni ban yarda da abin cikin waya ba. Ranar nan an nuna mini rago yana magana a ciki. Kuma ke da kanki kika koya mini, kika ce in saƙo ya yi yawo ana ganin 'yan kibiyoyi a samansa. Ina kibiyar a na Maliki?"

"Sai in turawa aka yi kibiya ke fitowa. In mutum ya danne rubutun ya kwafa, ya je wani wuri ya manna, ba abin da ke biyo shi. Tsirara yake zuwa, kamar yanzu aka haife shi. Shi ya sa kika ɗauka nasa ne."

"Uhm."

Wannan uhm ɗin Maliki ya san shi. Ba a sayen ko ashana da shi. Sun ci fiye da rabin hanya.

Ruƙayyatu ta ajiye wayar a cinya. Ta waiga baya, ta dubi fasinja ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara murya kamar mai shela.

"Jama'a, yau na yanke shawara."

Matan zoɓo suka daina hira. Ɗaya daga cikin 'yan matan makaranta ta ɗago kai, ta zunguri 'yar'uwarta.

"Ranar Talata," in ji Ruƙayyatu, "da misalin ƙarfe huɗu..."

"Da minti bakwai!" 'Yan matan suka faɗa tare, suka kifa kai suna dariya.

"Wata agwagwa ta tsaya a gabana..."

"Ta kalle ni, na kalle ta," in ji malamin firamare. Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Sai da ya ji motar ta yi tsit ya duba, kunya ta kama shi. "Afuwan, Hajiya. Bakina ne ya riga ni."

Gwaggo ta juya gaba ɗaya, har mayafinta ya zame.

"Malam, ka san direban nan?"

"Yau na fara shiga motarsa."

"To a ina ka ji?"

"A guruf ɗin malamai. Hedimasta ne ya sa, ranar da aka ce za a zo duba makaranta. Mu tara muka ajiye aiki a ranar. Washegari duk muka zo."

"Ku fa, 'yan mata?"

"A Tiktok, Hajiya. Wani ke karantawa yana kukan ƙarya."

"Agwagin nawa ne?"

"Arba'in da ɗaya," in ji mutum huɗu. Har da ɗaya daga cikin matan zoɓo, wadda ta ce mijinta ya karanta mata, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Tsohon Sundimina ya ce shi bai gane ba. Wa ke sayar da agwagin, kuma nawa nawa? Motar ta kwashe da dariya. Maliki bai yi ba. Fuskar Gwaggo yake kallo ta gefen ido.

Ta gyara mayafi. Bakinta yana motsi, kamar mai ƙirga wani abu.

"Ashe waƙa ce," in ji ta.

Ta ci gaba.

"Waƙa ce mana. Da muna 'yan mata a dandali, sai yarinya ta shiga tsakiya ta ce ta bar garin nan, ta haye kogi, kar a neme ta. Mu amsa mata. A tashi, ta tafi gida ta ci tuwo. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi uwarta ina ta tafi. Amma mu da tafi muke yi. Kana jin tafi ka san wasa ne. Ku kun cire tafin, kun bar mutane da maganar."

"Haka ne, Hajiya," in ji malamin.

"Kai yi shiru, mai ajiye aiki." Ta juyo ga 'yarta. "Faɗa mini in na gane. Abu ya fara da nauyi kamar sanarwar rasuwa. Sai a ƙirga abin da ba mai ƙirgawa, minti bakwai, arba'in da ɗaya. Sai a jefa wani shirme a tsakiya, fuska a murtuke. Kuma ba sunan gari, ba sunan mutum."

"Wani lokacin akan canja kalma ɗaya ko biyu, a sa sunan gari don ya yi kama da na mai shi. Amma gangar jikin ba ta canjawa. In kina shakka, a ɗauki layi ɗaya a nema."

"Ko in ja baki in ga wa zai amsa."

"Ko haka."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Sai ta ƙura wa Ruƙayyatu ido.

"Ke yaushe kika san duk wannan?"

Ruƙayyatu ta kalli ƙafarta.

"Shekaranjiya da kike karanta mini, kin sani?"

"Inna, wasan taubashi ne. Ban zaci..."

"Kin bar ni na yi kuka har majina. Kin kawo mini ruwa. Kin ce in yi haƙuri, haka Allah ya so."

'Yan matan baya suka sake kifewa. Gwaggo ta kama kunnen Ruƙayyatu ta cikin mayafi ta murɗa, ba da ƙarfi sosai ba.

"Za mu koma gida ai."

Maliki ya saki numfashi. Ya ƙara wuta. Har ya fara jin sitiyarin ya dawo nasa.

"Kai kuma kar ka washe baki," in ji Gwaggo. "Na yarda ba kai ka rubuta ba. Amma na kira mutum na ce masa ya zo ya karɓi mota. Ya ce mini yau zai gaya wa iyalinsa. In je in ce masa me? In ce ni ma waƙa nake?"

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Rufin kwanon gidajen Gwaram ya fara bayyana.

Haladu yana tsaye a bakin tasha tun kafin su tsaya. Dogo ne, ya sa wankakkiyar shadda, ya aske gemu. Fasinja suka sauka amma ba su watse ba. Malamin firamare ya tsaya yana gyaran jakar da ba abin da ya same ta. Maliki ya kashe mota. Ya zare makulli. Ya riƙe shi kaɗan, sannan ya miƙa wa Gwaggo ta gaban Ruƙayyatu. Ta karɓa ba ta dube shi ba.

Haladu ya buɗe mata ƙofa, ya durƙusa.

"Hajiya, barka da hanya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Haladu. Ya iyali?"

"Suna gaishe ki. Wallahi tun da kika kira nake jimamin ɗan'uwana. Mutum da sana'arsa, rana ɗaya. Amma kowa da abin da Allah ya tsaga masa."

"Haka ne. Kai ka ga abin da ya rubuta?"

"Ni? A'a. A bakinki na fara ji."

Gwaggo ta sauko a hankali, makullin a tafin hannunta. Ta gyara zani. Ta dubi sama kamar mai duba hadari, ta yi magana kamar da kanta take.

"Oh ni Rahamatu. Wai ranar Talata, da misalin ƙarfe huɗu..."

"Da minti bak..."

Haladu ya kama bakinsa da hannu. Ya makara.

Wani mai shayi da ke gefe ya ƙarasa masa. Direbobin da ke kan benci suka ɗauka, wani ya ce ta kalle ni, wani ya ce na kalle ta, kafin ka ce kwabo rabin tashar Gwaram na karatu baki ɗaya. Wani kamasho ya ɗaga murya ya ce ai Haladu ne ma ya fara kawo abin guruf ɗinsu, sati uku da suka wuce.

"A bakina ka fara ji," in ji Gwaggo.

"Hajiya..."

"Ina kuka a waya, kana ce mini sai haƙuri. Ka san yaron nan ba inda za shi."

Haladu ya sosa ƙeya. Ya dubi bas ɗin, ya dubi ƙasa. Sai shi ma dariya ta ƙwace masa.

"Hajiya, mota ce fa. Wata bakwai ina zaune a bencin nan. Mutum ya ce zo ka karɓi mota, sai in tsaya yi masa bayanin agwagwa?"

"Da ka yi mini bayanin, da na nema maka wata a wurin wani Alhaji na Kano. Yanzu sai na yi tunani." Ta juya. "Maganar da na ba ka, a kan direba ya tafi na ba ka. Direba bai tafi ba. Maliki!"

Ta jefa makullin. Ya cafe shi da hannu biyu. Tasha ta ɗauki tafi. Haladu ya zo ya rungume shi, ya ce masa a kunne saura ƙiris, Maliki ya ce Allah ya isa, suna dariya su biyun. Ruƙayyatu ta ce ladan aikinta tsire ne na dubu, ya ce baiwa ba ta da lada.

"Yafiyar madubi fa, Gwaggo?" in ji shi. "Tana nan?"

"Wannan ta riga ta fita. Amma ka sake neman yafiyar wasa, da muciya zan yafe maka."

Ana cikin haka wani ɗan acaɓa ya tsaya a bayan bas. Tsoho ne a baya, siriri, da rawani fari da ya sha ƙura, ya rungume kwando a ƙirji. Baffa Manu ne. Tun daga Farin Dutse. Gwaggo ta faɗa masa a waya yau za a miƙa makulli a tashar Gwaram. Ya sauko da ƙyar, ƙafarsa ɗaya ta yi tsami. Ya ajiye kwandon a ƙasa. Wani abu ya yi motsi a ciki, ya fito da baki mai faɗi.

Agwagi uku ne.

Dariyar da aka yi a tashar, wani direba sai da ya zauna a ƙasa. Baffa Manu ya dube su bai gane ba, shi ma ya yi murmushi, don murna ce ta kawo shi.

"Gudummawa ce," in ji shi. "Ɗaya tawa, ɗaya ta matata Mero, ɗaya ta liman. Sun zama arba'in da huɗu. Na sa an share maka gefen fadama, wurin da mahaifinka ke shuka rake a da. Akwai ruwa har bazara. Ɗakinsa ma an yi masa sabon yaɓe."

Dariyar ta ragu. Maliki ya durƙusa ya gaishe shi. Makullin yana hannunsa, ya rasa inda zai sa shi.

Gwaggo ce ta yi bayanin. Ta ja yayanta zuwa benci, aka kawo masa shayi. Ta faɗa masa da kanta, ba ta bar Ruƙayyatu ta sa baki ba. Ta ce waƙa ce ta 'yan zamani marar tafi. Ta ce tela a Funtuwa ya yi ta, mace a Damagaram ta yi ta. Ta ƙirga masa alamomin a yatsu kamar ita ta gano su. Don ya tabbata, ta kira mai shayi ta ja masa baki, ya amsa. Ta kira wani mai faci da ke wucewa, shi ma ya amsa, har da kwaikwayon kallon agwagwa.

Baffa Manu ya saurara har ƙarshe. Ya yi dariya a inda ya kamata. Ya ce lallai duniya ta zo da abin mamaki, mutum dubu su yi ƙarya ɗaya kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ya ce agwagin ba za su koma ba, kyauta ba ta komawa, a kai wa Hapsatu. Ya shanye shayinsa.

Kamasho ya fara kiran Birnin Kudu, Birnin Kudu, saura mutum biyar. Maliki ya ɗaga kwandon ya sa a but ɗin bas, ya bar murfin a ɗage don iska. Ya dawo yi wa Baffa sallama.

Tsohon ya riƙe hannunsa bai saki ba. Hannun ya bushe, yana da ƙarfi.

"Na ji wasa ne. Na kuma yi murna motarka ta dawo." Ya nuna aljihun Maliki da haɓa, inda wayar take. "Abin nan cike yake da maganganun mutane, ko?"

"Cike yake, Baffa."

"Na dariya ma da yawa."

"Ba iyaka."

"To duk a cikinsu, me ya sa wannan ka ɗauka ka sa wa sunanka?"